Yadda ake rubuta kwantiragin aikin mai zaman kansa

Kwantiragin aikin mai zaman kansa takarda ce tsakanin wanda ke yin sana'a da sunan kansa, kamar mai zane a kwamfuta, mai ɗaukar hoto, mai fassara ko mai haɗa tallar rediyo, da wanda ya ba shi aiki guda ɗaya a kan kuɗi sananne. Ya bambanta da kwantiragin ɗaukar ma'aikaci, domin a nan babu albashin wata, kuma mai aikin ne ke tsara lokacinsa da kayan aikinsa. Dokar farar hula da ake aiki da ita a Nijar tana ɗaukar yarjejeniyar da aka ƙulla bisa ƙa'ida a matsayin doka a kan waɗanda suka ƙulla ta. Shafi ɗaya ko biyu ya wadatar, muddin kowane sharaɗi yana ɗauke da abin da za a iya ƙirgawa: adadi, kwanan wata ko sunan mutum. Maganganu irin su "aiki mai kyau" ko "ba da jimawa ba" ba su raba gardama, domin kowa da yadda yake fahimtarsu.

A ɗauki misalin wata ƙungiyar mata masu tatsar man gyaɗa a Maraɗi, wadda ke son wani matashi mai zane ya yi mata tambari da takardar da ake mannawa a jikin kwalba, an kuma daidaita a kan sefa 150.000. A saman takardar ana sa cikakken sunan ɓangarorin biyu, unguwa, lambar waya da lambar katin shaida. Idan ƙungiya ce, sai a faɗi wanda ke sa hannu da sunanta da kuma muƙaminsa.

Iyakar aiki

Sharaɗin farko shi ne lissafa abin da za a miƙa, ɗaya bayan ɗaya. "Zanen kayan talla" bai isa ba. Abin da ya dace a rubuta shi ne: tambari ɗaya, mai launi da kuma baƙi da fari, takardar kwalba iri biyu, ta lita ɗaya da ta lita biyar, kowace da faɗinta da tsawonta a santimita, rubutu da Hausa da Faransanci, a miƙa su a PDF don bugawa da PNG don aikawa a waya. Bayan wannan sai layi ɗaya na abin da ba ya ciki, wanda sau da yawa ya fi na farko amfani: kuɗin buga takardun ba ya ciki, allon shago ba ya ciki, ɗaukar hoton kwalabe ba ya ciki. Ba mugunta ke sa mai ba da aiki ya ce "tunda kana kai, ɗan haɗa mana da kalanda" ba. A ganinsa ƙaramin abu ne. Idan takarda ta riga ta ce duk ƙari sai da sabon farashi a rubuce, mai zanen zai iya amsawa cikin mutunci ba tare da an ji kunyar juna ba.

A nan kuma ake rubuta abin da ke kan mai ba da aiki: shi zai kawo sunan kaya yadda ake son ya fito, lambobin waya, da duk bayanin da za a sa a kan kwalba. Kuskuren da ke cikin rubutun da ya kawo nasa ne.

Gyara

Nan ne aka fi samun saɓani, domin a aikin zane ba a rasa abin da wani zai so a canza. Kwantiragin ya ƙayyade adadin zagayen gyara, ya kuma fassara abin da ake nufi da zagaye. A misalin nan mai zanen zai nuna samfurin tambari uku, ƙungiya ta zaɓi ɗaya, sannan tana da zagaye biyu na gyara. Zagaye ɗaya yana nufin duk abin da ake so a canza an tattara shi cikin saƙo ɗaya, cikin kwana biyar da karɓar samfur. In ba a fayyace haka ba, shugaba za ta aiko saƙon murya da safe cewa a ƙara ja, ma'aji ta aiko nata da dare cewa a rage shi, a wayi gari an yi gyara goma ba wanda ya san ko an shiga zagaye na biyu. Shi ya sa ake rubuta sunan mutum ɗaya tak wanda maganarsa ce ta ƙungiya. Su yi shawararsu a tsakaninsu, ita kaɗai ta isar.

Ana kuma raba gyara da sabon aiki. Canza launi, girman harafi ko wurin da hoto yake gyara ne. Watsar da samfurin da aka riga aka amince da shi a koma wani sabon aiki ne. Zagaye na uku da abin da ya biyo baya, a sa masa farashi tun farko, misali sefa 10.000 kowane. Kuskuren mai zanen kansa, kamar ya rubuta lambar waya ba daidai ba alhali an ba shi daidai, ba ya shiga lissafin zagaye. Kyauta zai gyara.

Wa'adi

Kuskuren da aka saba yi shi ne sa rana ɗaya ta ƙarshe, a ce "kafin Sallah" ko "ƙarshen wata", alhali rabin jinkirin daga wajen mai ba da aiki yake fitowa. Ya fi kyau a ɗaure wa'adi da abin da ke tayar da shi: samfurin farko cikin kwana bakwai daga ranar da kuɗin kafin alƙalami da bayanan suka iso hannu, kowane gyara cikin kwana uku daga ranar saƙo, miƙa aiki cikin kwana uku bayan amincewa ta ƙarshe. A faɗi ko kwanakin aiki ake nufi ko har da Asabar da Lahadi. Duk kwanan da ƙungiya ta makara wajen amsa yana tura wa'adi da kwana ɗaya, idan kuma ta yi shiru har kwana talatin ana ɗauka an dakatar da aiki. Mai ba da aiki shi ma yana da haƙƙin kariya: ana iya yarda a cire wani kaso na farashi a kowane mako na jinkirin mai zane, tare da iyakar da ba za a wuce ba. Ɗaukewar wuta ta yini ɗaya ba uzuri ba ce ga wanda ya san garinsa. Wannan tun wajen yanke wa'adi ake sa shi cikin lissafi.

Biyan kuɗi

A rubuta kuɗin da lambobi da kuma kalmomi, a ce sefa ƙarara. Dalili kuwa a kasuwa da dala ake ƙirga, dala ɗaya sefa biyar ce, don haka "dubu talatin" a bakin wani sefa 30.000 ce, a bakin wani kuma dala dubu talatin ce, wato sefa 150.000. Ko an yi ciniki da jaka, a takarda a sa cikakken adadi.

Sefa 150.000 ɗin ana iya raba ta uku, kowane kashi a ɗaure da wani mataki: 60.000 ranar sa hannu, 45.000 ranar da aka amince da tambari, 45.000 kafin a miƙa fayilolin ƙarshe. Kafin wannan biyan na ƙarshe, abin da ake nunawa ƙaramin hoto ne mai alamar mai zane a kai, wanda ba ya buguwa. Idan ƙungiya ta fasa bayan an soma, abin da aka biya na matakin da aka kammala ba ya dawowa. Idan mai zane ne ya kasa, yana mayar da kuɗin abin da bai miƙa ba. A faɗi hanyar biya, hannu da hannu da rasit ko ta Nita, Amana ko Airtel Money, da wanda ke ɗaukar kuɗin aikawa. Idan mai ba da aikin kamfani ne ko ƙungiyar agaji mai cire haraji tun daga tushe, a bayyana ko farashin kafin cirewa ne ko bayanta.

Wannan tsantseni yana da amfani a gaban alƙali. Nijar tana cikin ƙungiyar OHADA, wadda dokarta ta tanadi gajeriyar hanyar karɓar bashi, inda kotu ke ba da umarnin biya. Ana bin wannan hanya ne idan bashin ya samo asali daga yarjejeniya, tabbatacce ne, an san adadinsa, kuma lokacin biyansa ya yi. Takardar da ta ce 45.000 a ranar miƙa aiki tana nuna waɗannan duka. Alkawarin baki na "in an sayar da kaya za a sallame ka" ba ya nuna adadi balle rana.

Mallakar aikin da aka gama

Mutane da yawa suna ɗauka wanda ya biya shi ke da komai. Doka ba ta tafi a kan haka kai tsaye ba. Dokar haƙƙin mawallafi ta Nijar ta shekarar 2010, da yarjejeniyar Bangi ta 1977 wadda ta kafa hukumar OAPI mai hedkwata a Yawunde, sun raba haƙƙin gida biyu. Akwai haƙƙin da ke manne da mutumin da ya ƙirƙiri aikin, wato a san shi ne ya yi kuma kada a lalata aikin ta hanyar da za ta zubar masa da mutunci. Wannan ba a sayar da shi. Akwai kuma haƙƙin cin moriya, wato bugawa, yaɗawa da samun kuɗi da aikin. Wannan ana miƙa shi, kuma a rubuce ake miƙawa. Abin da takarda ba ta ambata ba, shi ake zuwa ana jayayya a kansa daga baya.

Ga tambari, abin da ya dace shi ne miƙa haƙƙin cin moriya gaba ɗaya, domin ƙungiyar za ta sa shi a kwalba, allo da riguna, wataƙila ma ta yi masa rajista a OAPI a matsayin alamar kasuwancinta. Sai a rubuta abubuwan da za a yi da shi, ƙasashen da abin ya shafa (man da ake kaiwa Katsina ko Kano ya riga ya fita Nijar) da tsawon lokaci. Ga hoto ko muryar talla kuwa, sau da yawa izini ake bayarwa, misali a sa a rediyo shekara ɗaya, haƙƙin ya ci gaba da zama na mai shi. Farashin izini bai kai na sayarwa ba.

Jimlar da ta fi kare mai zane ita ce wadda ke cewa haƙƙin ba ya komawa hannun ƙungiya sai ranar da aka biya kuɗi duka. Sauran abubuwa uku kowane layi ɗaya ne: samfura biyun da ba a zaɓa ba na mai zane ne, fayil na asali wanda ake iya buɗewa a canza, a faɗi ko yana cikin farashi ko da kuɗinsa daban, domin duk mai bugawa zai tambaye shi, mai zane yana da izinin nuna aikin cikin ayyukansa bayan kaya sun shiga kasuwa. Shi kuma yana tabbatar da cewa bai kwaso hoton wani daga intanet ba tare da izini ba, in ya yi haka alhakin yana wuyansa.

Ana buga kwafi biyu, kowane ɓangare ya sa hannu a kowane shafi ya riƙe ɗaya. Idan an rubuta da Faransanci da Hausa, a faɗi wanda za a bi in fassara ta saɓa. Wanda ba ya karatu a karanta masa a gaban shaidu biyu, su ma su sa hannu. Duk canjin da aka yarda da shi daga baya, ko a waya aka yi maganar, a rubuta shi a saƙo ɗayan ya amsa da "na yarda", a buga a haɗa da kwantiragin.