ANOVA: Tarihin Gwaji Guda da Ya Maye Gurbin Gwaje-gwajen t

A shekarar 1908 William Gosset, ma'aikacin kamfanin giya na Guinness da ke Dublin, ya wallafa binciken da ya haifar da gwajin t, ya kuma sakaya sunansa da laƙabin Student. Gwajin yana auna bambancin matsakaitan rukuni biyu. To amma gonar gwaji ba kasafai take tsayawa kan biyu ba. Ronald Fisher ya kama aiki a tashar binciken noma ta Rothamsted, Ingila, a 1919, ya tarar da bayanan iri da taki na shekaru aru-aru. A 1923 shi da Winifred Mackenzie suka nazarci yadda ire-iren dankali ke karɓar taki, sannan littafinsa na 1925 ya yaɗa dabarar da aka sani da ANOVA. George Snedecor ne ya raɗa wa ma'auninta suna F a 1934, don karrama Fisher.

A ɗauka an shuka iri biyar, kowanne a fili shida. Kwatanta su bibbiyu na buƙatar gwajin t goma, kowanne da haɗarin kashi 5 cikin 100 na nuna bambancin da babu shi. Da gwaje-gwajen ba su jiɓinci juna ba, haɗarin kuskure aƙalla ɗaya zai zama 1 − 0.95^10, wato kusan kashi 40. Tun da kowane iri yana fitowa a gwaji huɗu, ainihin adadin bai kai haka ba, yana wajen kashi 30. Ko hakan ma ya ishi mai bincike ya tallata irin da bai fi sauran da komai ba.

ANOVA tambaya ɗaya take yi: tazarar da ke tsakanin matsakaita biyar ɗin ta zarce abin da saɓanin filaye masu iri ɗaya zai iya jawowa? Ana raba warwatsuwar tsakanin rukunoni da ta cikinsu, a sami F. Idan irin duk ɗaya ne, F zai tsaya kusa da 1. A wannan misali sai ya wuce 2.76 za a ce akwai bambanci, haɗarin kuwa yana nan a kashi 5. Akwai wata riba da ɗalibai kan manta: kowane gwajin t da filaye 12 kaɗai yake ƙiyasta warwatsuwa, ANOVA kuwa da duka 30, don haka ƙiyasinta ya fi ƙwari.

Sai dai F ba ya faɗin irin da ya fita daban. Wannan giɓi ne John Tukey ya cike da hanyar kwatanta rukunoni bibbiyu ba tare da haɗarin ya kumbura ba. ANOVA tana kuma ɗauka cewa warwatsuwar rukunoni kusan ɗaya ce. Idan ta wani ta ninka ta sauran nesa ba kusa ba, musamman in yawan filayen bai zo daidai ba, sai a koma ga gyaran da Bernard Welch ya kawo a 1951.