Nawa ne ainihin kuɗin aika kuɗi ta banki a Najeriya?

Masu hulɗa da bankuna a Najeriya sun daɗe suna kokawa kan 'yan ƙananan kuɗaɗen da ake cirewa daga asusunsu, naira 10 a nan, naira 50 a can. Sai dai idan aka bi sawun kuɗi tun daga hannun mai aikawa har zuwa aljihun mai karɓa, za a tarar cewa sau da dama abin da banki ya caja a wajen turawa shi ne mafi ƙanƙanta. Babbar asarar tana can a wurin mayar da kuɗin tsaba.

Abin da ake cira wajen turawa

Babban Bankin Najeriya ne ke ƙayyade iyakar abin da bankuna za su caja. A jadawalin da ya fara aiki a watan Janairun 2020, an sa naira 10 a kan tura abin da bai wuce naira 5,000 ba zuwa wani bankin, da naira 25 daga nan zuwa naira 50,000, sannan naira 50 a kan abin da ya haura haka. Da aka ɗora harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, sai kuɗin suka koma naira 10.75, da 26.88, da kuma 53.75.

Akwai kuma harajin naira 50 a kan duk naira 10,000 ko fiye da aka tura. Wannan na gwamnati ne, banki karɓar mata kawai yake yi, saboda haka sauya banki ba ya kawar da shi. Manhajojin tura kuɗi irin su OPay da Moniepoint, waɗanda suka yi farin jini saboda arha, su ma sun soma cirarsa a watan Disambar 2024.

Daga Kano zuwa Sakkwato

A ɗauki misalin wani ma'aikaci a Kano da ya aika wa mahaifiyarsa naira 60,000 a Sakkwato a ƙarshen shekarar 2025, kuma bankinsu ba ɗaya ba ne. Ta manhajar waya zai biya naira 53.75. Harajin gwamnati naira 50. Saƙon tes da bankuna ke aika wa kowannensu naira 6 ne, bayan ƙarin da aka yi a shekarar, wato naira 12. Jimla ta kusa naira 116. Da ya yi amfani da lambar USSD, za a ƙara masa naira 6.98.

Wasu kan raba kuɗin ƙasa da naira 10,000 don kauce wa harajin. A wannan misalin dabarar ba ta biya ba, domin sai an tura sau bakwai, kuma naira 26.88 sau bakwai ya kai naira 188, alhali turawa sau ɗaya haɗe da harajin naira 103.75 ne kacal.

Bambancin yana fitowa ne a lokacin da tsohuwar za ta karɓi tsaba. Idan ta je na'urar ATM ta bankinta, ba za ta biya komai ba. Amma bisa ƙa'idar da ta fara aiki ranar 1 ga watan Maris na 2025, wanda ya cira a na'urar wani banki zai biya naira 100 a kan kowace naira 20,000, kuma an soke cira uku na kyauta da ake bayarwa a kowane wata. Ke nan naira 300 za ta biya. Idan na'urar a wajen harabar banki take, kamar a babban kanti ko filin jirgin sama, an halatta ƙarin da zai iya kaiwa naira 500 a kan kowace naira 20,000. A nan kuɗin cirar zai iya kaiwa naira 1,800, wato ya ninka duk abin da aka kashe wajen turawar fiye da sau goma sha biyar.

Masu POS kuwa farashinsu ya danganta da unguwa da kuma samuwar tsabar kuɗi. A lokacin ƙarancin takardun naira na farkon 2023, an riƙa biyan naira 1,000 ko fiye kafin a samu naira 10,000. Ga mutanen karkara, kuɗin mota zuwa garin da ke da banki shi ma yana cikin lissafi, kuma shi ke sa mai POS na bakin kasuwa ya fi arha duk da tsadarsa.

Saboda haka tambayar farko da ta kamaci mai aikawa ita ce: a ina mai karɓa zai cira, kuma lallai ne ma sai ya cira? Idan kuɗin na magani ne ko na makaranta, tura su kai tsaye zuwa asusun asibitin ko makarantar ya kawar da babban cajin gaba ɗaya.

Wane asusu ya fi sauƙi?

A wajen ajiya, abin lura shi ne yawan kuɗin da ke fita. A jadawalin 2020, asusun yau da kullum, irin wanda ake ba mai shi takardar cek, ana cajinsa har naira ɗaya a kan kowace naira 1,000 da ta fita. Ɗan kasuwar Kantin Kwari da ke biyan masu kawo masa kaya naira miliyan biyu a wata zai biya naira 2,000, ban da VAT. Wannan adadin iyaka ce, ana iya neman ragi a wurin banki, ko da yake ba kowa ne ya san da haka ba.

A jadawalin na 2020, asusun tanadi ba shi da wannan caji, sai naira 50 na kula da kati duk wata uku. Sharaɗinsa shi ne wanda ya cira fiye da sau huɗu a wata ba ya samun kuɗin ruwa na watan, abin da ba ya damun waɗanda dama ba sa karɓarsa.

Kuɗi daga ƙasashen waje

Ga masu aikowa daga Birtaniya ko Saudiyya, cajin yakan ɓuya ne a cikin farashin canji. A matsayin misali kawai, a ce kamfani ɗaya ba ya karɓar ko kwabo amma yana canza fam a kan naira 1,950, ɗayan kuma yana karɓar fam uku yana canzawa a kan naira 2,000. Mai fam 200 a hannu zai isar da naira 390,000 ta na farko, ta na biyu kuwa naira 394,000. Adadin nairar da zai shiga hannun mai karɓa shi ne abin gwadawa, kuma a rana ɗaya, tun da farashin canji ba ya tsayawa.

Babban Bankin kan sake duba jadawalinsa lokaci zuwa lokaci, don haka kafin yanke shawara ya kamata a nemi jerin cajin bankin na yanzu, a gwada shi da takardar bayanin asusu ta wata uku. Wanda ya ga an cire masa abin da ba ya cikin jerin zai fara kai ƙorafi a rubuce ga bankinsa, idan kuma mako biyu suka wuce ba a warware ba, yana da damar kai batun sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin.