Sautin da Babu Shi a Kan Fiyano

A shekarar 1932 Sarki Fu'ad na Masar ya tara masana kiɗa a birnin Alƙahira, Larabawa da Turkawa da Turawa, cikinsu har da Bela Bartok na ƙasar Hungari. Ɗaya daga cikin batutuwan da suka fi jawo gardama shi ne ko za a iya ƙayyade sautukan maƙamai a kan ma'auni guda, kamar yadda Turai ta ƙayyade nata. An tashi taron ba tare da cikakkiyar matsaya ba, kuma dalilin ya girmi mahalartan da fiye da shekara dubu.

Tsakanin sautin do da do na samansa, fiyano yana da matakai 12 daidai wa daida. Masanan Larabawa na baya-bayan nan, musamman Mikha'il Mishaƙa na ƙasar Sham a ƙarni na 19, sun raba wannan tazara kashi 24, kowane kashi rubu'i ne. Da wannan lissafi bambancin yakan fito fili. Babban sikelin Turawa, wato mejo, yana hawa matakansa uku na farko da rubu'i huɗu, huɗu, biyu. Ƙaramin, wato maino, huɗu, biyu, huɗu. Abin da ya raba su shi ne sauti na uku: a mejo yana nesa da tushe da rubu'i 8, a maino da 6. Maƙamin rast kuwa yana hawa huɗu, uku, uku, sai sautinsa na uku ya sauka a kan 7, tsakiyar biyun, inda fiyano ba shi da maɓalli. Kunnen da ya saba da kiɗan Turai yakan ɗauka makaranci ya kuskure, alhali kuwa nan ɗin ya nufa.

Wannan sauti na tsakiya yana da tarihi. Mansur Zalzal, makaɗin ud a Bagadaza zamanin Haruna Rashid, shi ake jingina wa wani matsayi na yatsar tsakiya a wuyan ud wanda ke fitar da shi, har ake kiran matsayin da sunansa. Al-Farabi, wanda ya rasu wajen 950, ya auna shi da lissafi a babban littafinsa na kiɗa. Turai ta bi wata hanya. Ita ma tana da salo-salo na waƙen coci, amma da mawaƙanta suka mai da hankali ga jera sautuka uku ko huɗu su tashi lokaci guda, sai salon ya tsuke zuwa mejo da maino a ƙarshen ƙarni na 17, Ramo na Faransa kuma ya shimfiɗa ƙa'idar a littafinsa na 1722. Kiɗan Larabawa da ƙira'a sun zauna a kan murya ɗaya mai tafiya, saboda haka ƙananan tazarori suka ci gaba da rayuwa.

Sai dai rubu'in bai isa ya bayyana maƙami ba. Ajam ya yi kusa da mejo, nahawand da maino, duk da haka ba abu ɗaya ba ne, domin maƙami ana gina shi ne daga guntaye na sauti uku zuwa biyar da ake kira jinsi, kuma yana da sairi, wato hanyar da aka saba bi: inda ake farawa, inda ake daɗewa, inda ake sauka. Saba ya fi kowane nuna wannan. Yana hawa uku, uku, biyu, matakan suna matse da juna, kuma idan ya kai sama ba ya komawa ga tushensa, sai ya tsaya rubu'i biyu ƙasa da shi. Sikelin Turawa kuwa ma'anarsa ke nan, ya maimaita kansa bayan sauti bakwai.

Masu sauraron Abdulbasiɗ Abdussamad ko Minshawi a Kano da Damagaram sun san wannan a kunne ko da ba su san sunayen ba. A mujawwadin Masar, makaranci yakan buɗe da bayati a ƙasan murya, ya hau a hankali, ya ratsa saba ko hijaz ko rast gwargwadon ma'anar aya, sannan ya dawo bayati ya rufe. Tajwidi ne ke mulkin tsawon kowane harafi, ba kiɗa ba, shi ya sa da yawa daga cikin malamai ba sa yarda a kira wannan waƙa, wasu ma suna ƙyamar koyon maƙamai don karatu.

Lambar 24 ɗin ma kimantawa ce kawai. Sauti na uku na rast a Halab ya ɗan fi na Alƙahira tsawo, na Istanbul ya fi duka biyun, har ya kusa taɓa mejo. Wannan na cikin abin da ya hana taron 1932 yanke hukunci: duk ma'aunin da aka ɗauka, sai ya zama daidai ga wani birni, kuskure ga wani.