Ma'aunin Gilaisemik: Dalilin da ya sa shinkafa ɗaya ke iya ba da lamba daban-daban

Masu ciwon sukari da ke bincike a wayoyinsu kan shinkafa sukan gamu da lambobi masu cin karo da juna. Wani jadawali ya ba ta 50, wani ya ba ta 73, wani ma ya haura 90. Yawanci babu wanda ya yi kuskure a cikinsu. Lambar, wadda ake kira ma'aunin gilaisemik, ake kuma taƙaita ta da haruffan GI, tana sauyawa gwargwadon irin hatsin, da yadda aka sarrafa shi, da yadda ya iso cikin kwano. A birni kamar Gombe, inda shinkafa ke zuwa a matsayin dafa-duka da rana, tuwo da dare, masa kuma da safe, wannan bambanci abu ne na yau da kullum.

Ma'aunin yana nuna yadda abinci mai sitaci ko sukari ke ɗaga sukarin jini bayan an ci shi, idan aka kwatanta da tsantsar gulukos, wanda aka ba wa lamba 100. Dakta David Jenkins da abokan aikinsa na Jami'ar Toronto a Kanada ne suka fito da shi a shekarar 1981, domin taimaka wa masu ciwon sukari wajen zaɓen abinci. Abincin da ya samu 55 ko ƙasa da haka ana ɗaukarsa mai ƙaramar lamba, daga 56 zuwa 69 matsakaici, daga 70 zuwa sama kuma mai babbar lamba. Nama da ƙwai da mai ba su da lamba, domin kusan babu sitaci a cikinsu.

Ana samun lambar ne daga jinin mutane masu rai. Bisa ƙa'idar da hukumar daidaita ma'aunai ta duniya ta fitar a 2010, akan tara aƙalla mutum goma masu lafiya, su kwana ba su ci komai ba. Da safe a ba kowa abincin da ke ɗauke da giram 50 na sitaci da sukarin da jiki ke iya narkarwa. Ga dafaffiyar shinkafa, wannan ya kai kimanin giram 180. Sai a riƙa huda yatsa ana auna jini, kowane minti 15 a sa'ar farko, sannan kowane minti 30, har a cika sa'o'i biyu. A wasu ranakun kuma a ba mutanen ruwan gulukos giram 50, a maimaita awon.

Daga nan sai lissafi. Ana zana yadda sukarin ya hau ya sauka, a auna faɗin filin da ke ƙarƙashin zanen. A ƙaddara cewa filin gulukos na wani mutum ya kai 200, na shinkafa kuma 140. Idan aka raba 140 da 200 aka ninka da ɗari, za a samu 70. Matsakaicin lambobin mutanen goma shi ne abin da ake bugawa a jadawali. Akwai wani tarko a nan: wasu binciken sun yi amfani da farin burodi a madadin gulukos, kuma lambobinsu sukan fito sama da kusan kashi 40 cikin ɗari. Shinkafar da ta samu 70 a ma'aunin gulukos za ta nuna kusan 100 a ma'aunin burodi, alhali tukunya ɗaya ce.

Babban tushen bambancin yana cikin ƙwayar hatsin. Sitaci iri biyu ne. Akwai amilos, mai siffar dogon zare, wanda ke matsuwa wuri ɗaya har ruwan narkar da abinci ya sha wuya kafin ya ratsa shi. Akwai kuma amilofektin, mai rassa kamar bishiya, wanda ake iya kamawa ta ko'ina a lokaci guda, don haka yake saurin komawa sukari. Wani bincike da Cibiyar Binciken Shinkafa ta Duniya da ke Filifins ta yi tare da masana na Ostareliya, wanda aka bayyana a 2012, ya duba nau'o'in shinkafa 235, ya samu lambobi daga 48 har zuwa 92, matsakaicinsu 64. Yawan amilos shi ne ya fi bayyana wannan tazara. Uwargida na iya gane alamar ba tare da na'ura ba: shinkafar da ke dahuwa warwara, ta kuma yi ɗan tauri idan ta huce, ta fi yawan amilos, wadda ke caɓewa tana danƙo ta fi ƙaranci.

Mai sayayya a Tudun Hatsi ko babbar kasuwar Gombe ya san akwai shinkafar ci da shinkafar tuwo, ko da duka biyun daga gonakin Dadin Kowa suka fito. Ta ci an guma ta, wato an jiƙa ta da ƙaiƙayinta, an turara, an shanya kafin a kai inji. Wannan aiki yana sa sitacin ya ƙulle ya yi tauri, shi ya sa ƙwayar ke tsayawa da kanta a tukunya, kuma a mafi yawan gwaje-gwaje gumin kan rage lambar. Ta tuwo ɗanya ce, kuma da gangan ake zaɓen ta saboda saurin narkewa.

Abin da tuwon shinkafa ke buƙata kafin ya yi kyau shi ne ainihin abin da ke ɗaga lambarsa. Idan sitaci ya haɗu da ruwa da zafi, sai ƙwayoyinsa su kumbura su buɗe. Gwargwadon yawan ruwa da daɗewa a wuta, gwargwadon yadda suke buɗewa. Mai tuwo tana zuba ruwa da yawa, ta bar shinkafar ta yi luguf, sannan ta sa muciya ta tuƙe ta har babu ƙwaya ɗaya da ta rage. Aikin da haƙori da ciki za su ɗauki lokaci suna yi, muciya ta riga ta gama shi. Haka batun yake ga masara da dawa da gero: gari mai laushi da aka tankaɗe ya fi saurin narkewa a kan tsaki ko ɓarzajjen hatsi irin na dambu, kunu mai ruwa-ruwa kuma ya fi su duka saurin ficewa daga ciki, balle an zuba masa sukari.

Yanayin dahuwa kaɗai na iya ninka lambar. A gwaje-gwajen da aka yi kan dankalin Hausa a Jamaika, dafaffe a ruwa ya tsaya tsakanin 40 da 50, gasasshe kuwa ya haura 80.

Masa ta fi wuyar sha'ani, domin abubuwa biyu ne ke ja-in-ja a cikinta. An jiƙa shinkafa an markaɗa, sau da yawa an ƙara sukari, waɗannan suna tura lambar sama. Amma ƙullin ya kwana ya yi tsami, an kuma soya shi da mai, tsami da mai kuwa suna jinkirta fitar abinci daga ciki. Wanne zai rinjaya ya dogara da hannun mai tuya. Saboda haka duk wanda ya ce masa tana da lamba kaza, ya kamata a tambaye shi masar wa ya auna.

Sai ɗumame. Idan dafaffen sitaci ya huce, wani ɓangare nasa, musamman amilos, yakan sake ƙullewa ta yadda hanji ba ya iya narkar da shi duka, kuma ɗumamawa ba ta warware shi gaba ɗaya. Wani bincike da aka buga a 2015 daga Indonesiya ya nuna cewa farar shinkafar da aka ajiye a firji sa'o'i 24 sannan aka ɗumama ta ta ɗaga sukari ƙasa da sabuwar dahuwa. Sitacin da ya ƙi narkewa ya ninka fiye da sau biyu, amma duk da haka bai kai giram biyu a cikin giram ɗari ba. Ragi ne na gaske, sai dai bai kai yadda ake zuzuta shi a saƙonnin waya ba. Akwai kuma haɗari: dafaffiyar shinkafar da ta daɗe a ɗaki mai zafi na iya tara wata ƙwayar cuta da ke fitar da guba mai sa amai, gubar da ɗumamawa ba ta kashewa. A zafin watan Maris da Afrilu na Gombe, inda wutar lantarki ba ta da tabbas, wannan ya fi ɗan ragin lambar muhimmanci.

Duk waɗannan lambobi an same su ne daga abinci guda, an ci shi shi kaɗai. Ba haka ake cin abinci a gida ba. Garau-garau yana ɗaga sukari ƙasa da farar shinkafa zalla mai daidai yawan sitaci, domin wake na cikin abinci mafi ƙarancin lamba, yawanci ƙasa da 40. Miyar kuɓewa ko ta kuka, da ganye, da nama ko kifi, su ma suna rage gudu. Mai yana yin haka, amma yawansa na jawo ƙiba, don haka ƙaramar lamba ba ta mayar da soyayyen abinci lafiyayye.

Ma'aunin kuma bai ce komai ba game da girman malmala. Wannan ya sa masana a Jami'ar Harvard suka ƙaro wani lissafi a 1997, wanda ake kira nauyin gilaisemik: a ninka lambar da giram ɗin sitacin da ke cikin kwano, a raba da ɗari. Goma ko ƙasa da haka kaɗan ne, 20 zuwa sama mai yawa. A ɗauki mutum biyu. Na farko ya ci giram 150 na shinkafa mai lamba 70, wato kimanin giram 42 na sitaci, nauyinsa ya kama 29. Na biyu ya sayi gumammiya mai lamba 50, ya samu natsuwa, ya ci giram 300, wato giram 84 na sitaci, nauyinsa ya kai 42. Wanda ya zaɓi shinkafar da ta fi kyau shi ne ya fi ɗora wa jininsa sukari. Kankana ta nuna akasin haka: lambarta ta haura 70, amma da yake kusan duk ruwa ce, yanka ɗaya nauyinsa bai kai goma ba.

Jikin mai ci ma yana da nasa rabon. Wani bincike da aka yi kan mutum 800 a Cibiyar Weizmann, aka buga a 2015, ya nuna cewa abinci iri ɗaya na iya ɗaga sukarin wani sosai, ya ɗaga na wani kaɗan. Ko a jikin mutum ɗaya, rashin barci, da motsa jiki, da abin da ya ci a daren jiya suna sauya sakamakon.

Ga mai ciwon sukari da ke da na'urar awo a gida, hanya mafi kusa da gaskiya ita ce ya auna kafin ya fara ci, ya sake aunawa bayan sa'o'i biyu, ya rubuta abin da ya ci da yawansa. Idan ya gwada tuwon shinkafa yau, gobe garau-garau mai kusan yawa ɗaya, ya maimaita kowanne sau biyu ko uku, zai ga wanda jikinsa ya fi ɗauka. Ƙungiyar masu yaƙi da ciwon sukari ta Amurka ta sa ƙasa da 180 mg/dL a matsayin abin da mafi yawan manya masu ciwon za su nema bayan cin abinci, ko da yake likita na iya sa wa majinyaci nasa iyakar. Wanda ke yin allurar insulin ko shan magungunan da ke saukar da sukari da ƙarfi, kada ya rage tuwo ko shinkafa kwatsam, domin sukarin na iya faɗuwa ya jawo rawar jiki da zufa, har da suma. Irin wannan takardar awo ita ce ya kamata ya kai wa likitansa ko jami'in abinci, a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe ko asibitin da ya fi kusa da shi, kafin a sauya yawan abinci ko na magani.