Ciwon Damuwa Bayan Haihuwa: Yaushe Mai Jego Za Ta Nemi Taimako?

Ana ta shigowa barka, ana shirin suna, ke kuwa kuka ke zo miki babu dalili. Wannan ba butulci ba ne. Bayan fitar mabiyiya, sinadaran da suka riƙe cikin suna raguwa lokaci guda, ga kuma rashin barci. Yakan fara wajen kwana 3 da haihuwa, ya wuce da kansa kafin sati 2.

Idan ya zarce sati 2, ana zargin ciwon damuwa. Alamominsa sun haɗa da kasa barci ko da jariri yana barci, rashin son abinci, da ganin kin gaza a matsayin uwa. Kada ki jira arba'in.

Zaɓi mutum ɗaya, maigida ko wadda ke miki wankan jego, ki faɗa masa kai tsaye: "Inna, sati uku ke nan ina kuka kullum, ba na barci. Ki raka ni asibiti." Ki kuma roƙi a riƙe miki jariri bayan Asuba ki samu barci.

A Babban Asibitin Rano, ko asibitin sha-ka-tafi mafi kusa idan kina Kibiya, ki maimaita wa ma'aikaciyar lafiya wannan maganar. Za a iya auna jininki, domin ƙarancin jini ma yana kawo kasala. Akwai magungunan da mai shayarwa ke sha, amma sukan ɗauki makonni kafin a ji sauƙi.

Idan tunanin cutar da kanki ko jaririn ya zo miki, ko kina jin muryoyi, a kai ki asibiti a ranar, kuma kada a bar ki ke kaɗai.