Aya: Ƙwaya ce, iri ce ko saiwa?

Turawa na kiran aya da sunan da ke nufin "gyaɗar damisa", saboda zanen da ke jikinta. Sai dai a ilimin tsirrai aya ba dangin gyaɗa ba ce, ba kuma ƙwaya mai ɓawo ba ce kamar yazawa. Tana cikin rukunin amfanin gona da ke kumbura a ƙarƙashin ƙasa, irin su dankalin Turawa.

Shukar, wadda masana ke kira Cyperus esculentus, tana kama da ciyawa. Daga gindinta wasu siraran rassa ke miƙewa cikin ƙasa, bakin kowannensu ya tara abinci ya kumbura. Wannan kumburin shi ne ayar da ake taunawa ko a yi kunu da ita.

Iri kuwa daga fure yake samuwa. Gyaɗa kan yi fure a sarari, sannan ya sunkuya ya nutse cikin ƙasa ya zama kwanso, don haka ƙwayarta iri ce. Aya ma tana fure a saman karanta, amma ba daga nan abin da ake ci yake fitowa ba.

Ana iya gane bambancin da ido. Gyaɗa na rabewa gida biyu idan aka murza ta. Aya ba ta rabewa, ba ta da kwanso, kuma tana da idanun da tsiro ke fitowa daga cikinsu. Shi ya sa manoma, kamar na yankin Maraɗi, ke shuka ita kanta ayar, suna kiranta iri.