Haƙƙin Ɗalibi A Kan Malaminsa: Duka, Riƙon Sirri Da Kiyaye Iyaka

TAMBAYA

Ina koyarwa a wata Islamiyya a Anka. Akwai yaro ɗan shekara tara da iyalinsu suka yi gudun hijira daga ƙauye. Ba ya riƙe hadda, yana gyangyaɗi a aji, na yi masa bulala har na gaji. Kwanan nan ya gaya mini an sace mahaifinsa, ana tara kuɗin fansa. Yayarsa kuma ta balaga, takan kira ni a waya da dare a kan karatu. Mene ne shari'a ta ɗora mini?

AMSA

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Ɗan'uwa, ka fara da ajiye bulalar. Malamanmu na Malikiyya sun yi magana a kan dukan ɗalibi tun da daɗewa, kuma abin da suka bari ya fi ƙunci a kan abin da muke aikatawa. Muhammad ɗan Sahnun, malamin Ƙairawan da ya rasu a shekara ta 256 bayan Hijira, ya bayyana a littafinsa Adabul Mu'allimina cewa ladabtarwa ba ta wuce bulala uku sai da izinin uba, ba a dukan kai ko fuska, ba a duka cikin fushi, ba a hana yaro abinci da abin sha. Alƙabisi, wanda ya rasu a 403, ya sa duka a matakin ƙarshe, bayan nasiha da tsawatarwar da babu zagi a cikinta. Ya kuma so malami ya zartar da kansa, kada ya miƙa wa wani ɗalibi. Wannan ya shafi al'adar ba gardi dorina ya tsaya a kan ƙolawa, domin gardi yana da nasa fushin da yaran, kuma uba ba shi ya ba amana ba.

Ka lura, duk wannan rangwame ga yaron da ya iya ne ya ƙi. Wanda ya kasa ba shi da laifin da za a ladabtar da shi a kai. Yaronka an raba shi da gida, uba yana daji, wataƙila ba ya barcin dare, wataƙila da yunwa yake zuwa. A ƙasar nan tamu akwai wani dalili kuma da malamin wani wuri ba zai yi tunaninsa ba. A shekarar 2010 gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare da Yargalma, Bagega kuma ba a share ƙasarta ba sai a 2013. Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro, ta raunana masa riƙo da natsuwa, ko da jikinsa lafiya ƙalau a ido. Haƙar zinariya kuwa ba ta tsaya ba. In yaro ya fito daga gidan da ake niƙa dutse, ka shawarci mahaifiyarsa ta kai shi asibiti a duba jininsa.

Yadda za ka bambance ƙi da kasawa mai sauƙi ne. Ka zaunar da shi kusa da kai, ka rage masa darasi daga aya biyar zuwa biyu, ka biya masa sau da yawa, ka haɗa shi da yaro mai haƙuri su riƙa tilawa tare, ka jarraba mako biyu. In ya kawo biyun, nauyi ne ya yi masa yawa, sai ka ƙara a hankali. In ya kawo yau gobe ta zube, ka bincika ji da gani da barci da cikinsa. In kuwa ka ga ya iya amma wasa ya fi ƙarfinsa, to a nan ne horo ya shigo: ka yi masa magana ba a gaban aji ba, ka tsayar da shi ya biya bayan an tashi sauran a fili inda ake ganinku, ka cire shi daga jan baƙi na kwana biyu, in ya ɓata kayan wani ya gyara ko ya biya. In duk bai yi ba, ka kira waliyyinsa. Ibnu Khaldun ya faɗi a Muƙaddima cewa tsanani yana koya wa yaro ƙarya da yaudara don tsoron hannu. Duk wanda ya ga yaro yana motsa baki cikin taron masu karatu alhali ba ya faɗin komai, ya ga gaskiyar wannan. A'isha, Allah Ya yarda da ita, ta ba da labari a Sahihu Muslim cewa Annabi (SAW) bai taɓa dukan mace ko hadimi ba.

Maganar fansa kuwa amana ce mai nauyi. Ya zo a hadisin Abu Dawuda da Tirmizi cewa idan mutum ya yi magana sannan ya waiwaya, maganar ta zama amana. Yaro bai san ya ce maka ka rufe ba, amma halinsa ya faɗa. Kada ka gaya wa malamai a ofis, ko majalisar ƙofar masallaci, ko iyalinka. Kada ma ka sa aji su yi addu'a da sunan mahaifin sai da yardar gidan. Daga Anka har Gummi kowa ya san akwai masu kai wa 'yan bindiga labari. Kalma ɗaya cewa gidan wane sun sayar da shanu ko gona tana iya ƙara kuɗin da ake nema, ko ta jawo a dawo a ɗauki wani. In kana son taimako, ka nemi yafe masa kuɗin wata a wurin shugaban makaranta, ka ce gidan suna cikin matsi, ka tsaya nan.

Sirri yana da inda yake ƙarewa. In yaro ya gaya maka wani yana lalata da shi, ko ana azabtar da shi, ko ana aikensa wajen 'yan bindiga, shiru a nan taimakon azzalumi ne. Nawawi ya lissafa neman taimako don kawar da munkari cikin wuraren da ambaton mutum ba ya zama giba. Ka gaya wa wanda zai iya tsayar da cutar kaɗai: waliyyi in ba shi ne mai laifin ba, shugaban makaranta, sannan hukuma. Saboda haka kada ka taɓa rantse wa yaro cewa ba za ka gaya wa kowa ba tun kafin ka ji maganar. Ka ce masa ba za ta wuce wanda zai taimake shi ba.

Game da yayarsa, ka rufe wannan ƙofa yau. Hanin kaɗaita da ajnabiyya ya tabbata a Bukhari da Muslim, kuma zama malaminta bai mai da kai muharraminta ba. Wayar dare tana kai wa inda kaɗaitar take kai wa, balle yarinyar da ubanta ba ya nan. Ka gaya mata cikin mutunci ta kawo tambayarta aji, ko ta kai wa malama. Kada ta kawo maka abinci ɗaki, kada ka ɗauke ta a babur, kada ka keɓe ta da kyauta. In har aure ya zo maka a zuciya, ka bi ta waliyyinta, a mayar da ita ajin wani malami, kuma ba yanzu ba da gidan suke cikin buƙata ba za su iya ce maka a'a ba. Yara maza ma haka ne: ba a rufe ƙofa da yaro ɗaya. Ɗan Sahnun ya hana malami aiken ɗalibai cikin buƙatun kansa, don haka ɗebo ruwa ko zuwa gonar malam ba ya halatta a lokacin karatu, a wajensa kuma sai da sanin iyaye.

Allah Ya kuɓutar da mahaifinsu. Wallahu a'alam.